Yadda ake gano pH na ruwan bafa a tambayar kemistiri da aka turo ta hoto

A yau ba baƙon abu ba ne ɗalibi ya ɗauki hoton tambaya daga allo ko daga takardar jarrabawar baya, ya tura wa yayansa ko kawunsa ko malamin darasi ta WhatsApp yana neman a warware masa. Daga cikin tambayoyin kemistiri da suka fi yawo ta wannan hanya a tsakanin 'yan ajin ƙarshe na sakandare da 'yan shekarar farko a jami'a, akwai wadda ake ba da asid da gishirinsa, a ce a nemo pH na haɗin. Iyaye da dama kan mayar da wayar da zarar sun ga alamomin, alhali lissafin bai wuce ninkawa da rabawa da danna maɓalli ɗaya a kalkuleta ba. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen karanta hoton da kuma sanin adadin da ya kamata a saka a cikin ƙa'idar.

Mene ne pH, kuma mene ne ruwan bafa?

Ma'aunin pH yana nuna yawan tsamin ruwa. Wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Søren Sørensen ne ya fito da shi a 1909. Tsaftataccen ruwa yana kan 7. Duk abin da ya gaza 7 yana ɓangaren tsami, kamar ruwan lemon tsami da ruwan khal, abin da ya haura 7 kuma yana ɓangaren kanwa da toka. Taki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne, wato ruwan da ke kan 4 ya fi wanda ke kan 5 tsami sau goma. Saboda haka kuskuren da ya sauya amsa daga 4.9 zuwa 2.9 ba ƙarami ba ne, ninki ɗari ne.

Ruwan bafa kuwa shi ne ruwan da pH ɗinsa ba ya saurin motsi idan an zuba masa ɗan asid ko ɗan sinadarin ɓangaren kanwa. Ana samunsa ne idan aka haɗa asid mai rauni da gishirinsa a mazubi ɗaya. Asid mai rauni shi ne wanda kaɗan ne daga cikinsa ke sakin tsaminsa a ruwa, sauran ya zauna a ajiye. Misalin haɗin kamar ɗan kasuwar da ke riƙe da kaya da kuma kuɗi ne a lokaci guda: mai saye ya zo ya sami kaya, mai sayarwa ya zo ya sami kuɗi, shago bai tsaya ba. Idan aka ƙara asid, gishirin ne ke karɓe shi. Idan aka ƙara na ɓangaren kanwa, asid ɗin da ke ajiye ne ke tare shi. Matuƙar dai dukansu biyu suna nan da yawa, pH ba zai yi nisa da inda yake ba.

Ƙa'idar lissafin

Ƙa'idar da ake amfani da ita tana ɗauke da sunayen mutum biyu. Lawrence Henderson na Jami'ar Harvard a Amurka ya tsara ta a 1908 lokacin da yake nazarin jini, sannan bayan wasu shekaru Karl Hasselbalch, ɗan Denmak, ya sake rubuta ta da ma'aunin pH. Ga yadda take:

pH = pKa + log([A⁻] / [HA])

HA yana nufin asid ɗin, A⁻ kuma yana nufin ɓangaren da gishirin ya kawo. Bakan nan masu kusurwa suna nufin kaurin sinadarin, wato yawan mol nawa ne a kowace lita, kamar yadda ake cewa kunu ya yi kauri ko ya tsinke. Shi mol ma'aunin ƙidaya ne na masana sinadarai, tamkar yadda 'yan kasuwa ke ƙidaya da dozin. Ka kuwa adadi ne da ke nuna ƙarfin asid, kowane asid da nasa, kuma ana samun pKa daga gare shi da wannan: pKa = −log Ka.

Abin da ƙa'idar ke faɗa a taƙaice shi ne, pKa ne mazaunin ruwan bafa, gwargwadon gishiri a kan asid kuma shi ke ɗan gusar da shi sama ko ƙasa. Idan gishiri da asid sun zo daidai, rabawar za ta ba da 1, log na 1 kuma sifili ne, don haka pH ya zama daidai da pKa. Idan gishiri ya fi yawa, pH zai ɗara pKa. Idan asid ne ya fi yawa, pH zai gaza pKa. Wanda ya riƙe wannan ya san inda amsa za ta faɗa tun kafin ya taɓa kalkuleta.

A fara da karanta hoton

Kafin kowane lissafi, a kwafe tambayar daga waya zuwa takarda da hannu. Dalili shi ne muhimman bayanan irin wannan tambaya suna cikin ƙananan rubutu ne, kuma su ne hoto ke fara cinyewa. Manhajar WhatsApp tana rage nauyin hoto idan an tura shi ta hanyar da aka saba, hasken taga kan kwanta a kan allo, takardar da aka yi wa kwafi sau da yawa kuma takan dushe.

Wuri na farko da za a ƙura wa ido shi ne ɗan ƙaramin adadin da ke saman 10 a cikin Ka. A 1.8 × 10⁻⁵, alamar ɗebewa ɗan gajeren layi ne da kan ɓace, kuma 5 da aka rubuta da alli yakan yi kama da 3. Wanda ya karanta 10⁻³ zai sami pKa na 2.74 maimakon 4.74, kuma duk aikinsa na gaba zai bi wannan karkata. Wuri na biyu shi ne harafin da ke gindin K, a tabbatar ko Ka ne ko Kb, domin hanyarsu ta bambanta. Na uku shi ne ɗigon da ke cikin adadi, kada 0.10 ya koma 10 ko 0.01. Na huɗu shi ne ƙarshen sunan sinadarin: CH₃COONa gishiri ne, NaOH kuwa wani abu ne daban, ko da yake dukansu suna da Na. Idan ɗaya daga cikin waɗannan bai fito ba, a nemi ɗalibin ya sake ɗauka a kusa, ya tura ta zaɓin Document don kada a rage shi, kuma ya haɗa da kan takardar da ƙasanta, saboda sau da yawa a can ake rubuta darajar Ka.

Tambayar da za mu warware

Bari mu ɗauki irin tambayar da aka saba gani. Ma'anarta da Hausa ita ce: an haɗa 200 cm³ na asid CH₃COOH mai kaurin 0.10 mol/dm³ da 100 cm³ na gishirin CH₃COONa mai kaurin 0.30 mol/dm³. Idan Ka na asid ɗin 1.8 × 10⁻⁵ ne, a nemo pH na haɗin. Sashe na biyu kuma ya ce a nemo sabon pH bayan an ƙara 50 cm³ na HCl mai kaurin 0.10 mol/dm³.

CH₃COOH shi ne asid itanoyik, wanda ke ba ruwan khal tsaminsa, kuma mai rauni ne. CH₃COONa gishirinsa ne na sodiyam. Tunda ga asid mai rauni ga gishirinsa, haɗin ruwan bafa ne, ƙa'idar kuma ta dace da shi.

Mataki na farko shi ne nemo pKa. A kalkuleta a danna log, a shigar da 1.8, a danna maɓallin EXP ko ×10ˣ, sannan alamar (−) da 5. Za a ga −4.7447. A juya alamar, pKa ya zama 4.7447, wato 4.74 a taƙaice. Akwai tarko a nan: maɓallin EXP ya riga ya ƙunshi "sau goma" a cikinsa. Wanda ya danna 1.8 × 10 sannan ya ƙara danna EXP ya saka goma sau biyu ke nan, kuma zai sami 3.74.

Mataki na biyu shi ne mayar da komai zuwa mol, kuma a nan ne ɗalibai suka fi zubar da maki. Adadin 0.10 da 0.30 da tambayar ta bayar kaurin kowane ruwa ne a kwalbarsa kafin a haɗa. Da zarar an juye su a mazubi ɗaya, kowanne ya tsinka ɗan'uwansa, kaurin farko ya daina aiki. Duk ɗan kasuwa ya san farashin mudu ba shi ne kuɗin kaya ba sai an ninka da yawan mudun da aka auna. Haka abin yake a nan: ana ninka kauri da yawan ruwan, bayan an mayar da cm³ zuwa dm³ ta hanyar rabawa da 1000, domin 1000 cm³ shi ne dm³ ɗaya, wato lita guda.

Asid: 0.10 × 0.200 = 0.020 mol

Gishiri: 0.30 × 0.100 = 0.030 mol

Jimillar ruwan yanzu 300 cm³ ce. Ana iya raba kowanne da 0.300 a sami sabon kauri, wato 0.0667 na asid da 0.100 na gishiri. Sai dai ba dole ba ne, saboda dukansu suna cikin ruwa ɗaya, kuma adadin da aka raba sama da ƙasa da shi yana soke kansa. Ko an bi ta kauri ko an bi ta mol, gwargwadon ɗaya ne: 0.030 ÷ 0.020 = 1.5.

Mataki na uku shi ne sakawa a ƙa'ida. Log na 1.5 shi ne 0.1761.

pH = 4.7447 + 0.1761 = 4.92

Amsar sashe na farko ke nan, 4.92. An saba barin pH da lamba biyu bayan ɗigo, kuma ba a rubuta masa wani ma'auni a gaba. Amsar ta yi daidai da abin da aka zata tun farko: gishiri ya ɗan fi asid yawa, don haka pH ya ɗan ɗara 4.74.

Yadda amsa ke tona kuskurenta

Kowane kuskure a wannan tambaya yana barin sawunsa, har mai dubawa zai iya gane inda ɗalibi ya kauce daga ganin amsarsa kawai. Idan ya kawo 5.22, ya raba 0.30 da 0.10 ne kai tsaye bai kula da yawan ruwan ba, ya sami 3 a inda ya kamata ya sami 1.5. Idan ya kawo 4.57, ya kifar da rabawar ne, ya ɗora asid a sama gishiri a ƙasa. Wannan yana da saukin kamawa, domin ba zai yiwu gishiri ya fi yawa kuma pH ya gaza pKa ba.

Idan amsar ta fito 5.15, ya danna ln ne a wurin log a mataki na ƙarshe. Maɓallan biyu maƙwabta ne a yawancin kalkuletoci, amma ƙa'idar da log take aiki. Wanda ya yi wannan kuskure tun a matakin farko zai ga pKa ya kai 10.93, abin da ba zai yiwu ga asid ɗin ruwan khal ba. Idan kuma amsar 2.92 ce ko 3.92, lambobin bayan ɗigo daidai suke, matsalar tana wajen ɗan adadin saman 10: ko hoton ne ya ɓata shi, ko an danna goma sau biyu.

Sashe na biyu: idan aka ƙara asid mai ƙarfi

HCl asid ne mai ƙarfi, yana sakin duk tsaminsa a ruwa, don haka ba shi da gurbi a cikin ƙa'idar. Ba a saka shi a matsayin HA. Abin da ake yi shi ne a fara lissafa ɓarnar da ya yi, sannan a koma ga ƙa'ida da abin da ya rage.

Yawansa shi ne 0.10 × 0.050 = 0.005 mol. Kowane mol na HCl yana cinye mol ɗaya na gishirin ya mayar da shi asid itanoyik. Lissafin kamar na littafin shago ne, abin da ya fita daga wannan shafi shi ke shiga wancan.

Gishiri: 0.030 − 0.005 = 0.025 mol

Asid: 0.020 + 0.005 = 0.025 mol

Yanzu sun zo daidai, gwargwado ya zama 1, log ɗinsa sifili, pH kuma ya koma 4.74. Wato ya sauka da 0.18 kacal. Kuskuren da aka saba yi a nan shi ne a rage gishirin a manta ba a ƙara asid ɗin ba, a raba 0.025 da 0.020, a sami 4.84.

Domin a ga aikin da bafa ya yi, a kwatanta da tsaftataccen ruwa. Da an zuba wannan HCl ɗin a cikin 300 cm³ na ruwa zalla, za a sami 0.005 mol a cikin 0.350 dm³, wato kaurin 0.0143, kuma pH zai faɗo daga 7 zuwa kimanin 1.85. Abin da ya girgiza ruwa da fiye da taki biyar bai motsa bafa da ko rubu'in taki ba.

Siffofi biyu da tambayar kan sauya

Wani lokaci mai tambaya ba ya ba da gishiri ko kaɗan. Sai ya ce an haɗa 200 cm³ na asid ɗin nan mai kaurin 0.10 da 50 cm³ na NaOH mai kaurin 0.10. Ɗalibin da ya yi gaggawa zai ɗauki NaOH a matsayin gishiri ya raba 0.005 da 0.020. Gaskiyar ita ce NaOH yana cinye wani ɓangare na asid ɗin ne ya haifar da gishirin a cikin mazubi. Asid ya ragu zuwa 0.015 mol, gishiri ya samu 0.005 mol. Gwargwado ya zama ɗaya bisa uku, log ɗinsa −0.477, pH kuma 4.27. Wannan ne dalilin da ya sa aka ce a duba ƙarshen sunan sinadari da kyau a hoto.

Siffa ta biyu ita ce ta amoniya, NH₃, da gishirinta NH₄Cl. A nan Kb ake bayarwa, kuma an yi dace darajarsa a yawancin littattafai ita ma 1.8 × 10⁻⁵ ce, daidai da Ka na asid itanoyik. Saboda haka idan hoto ya dushe harafin da ke gindin K, adadin ba zai faɗakar da kowa ba. Hanyar ita ce a nemo pKb, wato 4.74, a ɗebe shi daga 14 a sami pKa na 9.26, bisa zafin digiri 25 na ma'aunin Salshiyos da tambayoyin makaranta ke ɗauka. Sannan NH₃ ne ke hawa sama a rabawar, gishirin NH₄Cl ya zauna a ƙasa, domin a wannan haɗi gishirin ne ke riƙe da matsayin asid. Idan sun zo daidai, pH zai zama 9.26. Duk wanda ya sami amsa a kusa da 4 ko 5 a tambayar amoniya ya san ya kauce, domin amoniya 'yar ɓangaren kanwa ce.

Inda ƙa'idar ta tsaya

Ƙa'idar tana tsaye ne a kan zaton cewa abin da asid mai rauni ya saki da kansa kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da abin da aka zuba. A tambayarmu zaton ya tabbata, domin tsamin da ke yawo a ruwan bai wuce kimanin 0.000012 mol/dm³ ba, alhali kaurin asid da na gishiri sun ninka haka sau dubbai. Idan aka tsinka ruwan ƙwarai har kaurin ya kusanci darajar Ka, zaton ya rushe, amsar ƙa'idar kuma ta daina zama abin dogaro.

Haka nan bafa yana aiki sosai ne idan ɗayan bai ninka ɗayan fiye da sau goma ba. Log na 10 ɗaya ne, don haka iyakar aikinsa taki ɗaya ce sama da pKa da taki ɗaya ƙasa da shi. Ga asid itanoyik, daga 3.74 zuwa 5.74 ke nan. Amsar da ta fita daga wannan da'ira tana bukatar a sake duba ta.

Sannan ajiyar bafa tana ƙarewa. Da HCl ɗin da aka ƙara ya kai 0.035 mol, zai cinye gishirin 0.030 gaba ɗaya ya bar rarar 0.005 mol. Ɗalibin da ya ci gaba da ƙa'idar zai sami adadi mai alamar ɗebewa a cikin log, kalkuleta kuma ta nuna masa Math ERROR. Wannan ba lalacewar na'ura ba ce, alama ce cewa babu sauran bafa a mazubin, kuma sai a nemo pH daga rarar HCl ɗin kai tsaye, a raba ta da jimillar ruwan. Haɗin HCl da gishirin girki, NaCl, shi ma ba bafa ba ne ko da yake asid ne da gishirinsa, saboda asid ɗin ba mai rauni ba ne.

Lissafin da ke bayan gwajin jini

Wannan ƙa'ida da ɗalibi ke fama da ita a takarda ita ce ake amfani da ita wajen fassara gwajin iskar jini a asibiti, kuma a kan jinin ne masu ita suka fara aiki. Jinin lafiyayyen mutum yana zama tsakanin 7.35 da 7.45. Babban bafansa haɗin bayikabonet ne da iskar CO₂ da ta narke a cikinsa, kuma pKa da ake amfani da shi 6.1 ne. A lafiyayyen jiki bayikabonet yana kusan 24 mmol/L, narkakkiyar iskar kuma kusan 1.2 mmol/L. Rabawa ta ba da 20, log na 20 shi ne 1.30, a tara da 6.1 a sami 7.40. Gwargwadon ashirin da ɗaya ya wuce iyakar sau goma da aka ambata, amma jiki yana riƙe da shi saboda ba rufaffen mazubi ba ne: huhu yana fitar da CO₂ a kowane numfashi, ƙoda kuma tana daidaita bayikabonet. Shi ya sa mai ciwon suga da asid ya taru a jininsa yakan riƙa numfashi mai zurfi, jikinsa na rage adadin da ke ƙasan rabawar ne domin ya ɗago pH.